Diyyar Fili: Abin da Gwamnati Ke Biya da Abin da Take Ɗauka Kyauta

Galibi da jan fenti ake farawa. Wata safiya mutanen unguwa su ga wasu samari da na'urar awo mai ƙafa uku suna leƙe-leƙe a bakin hanya, bayan kwana biyu kuma a wayi gari an shafa jar alama a katangar wane, an rubuta lamba a jikin shagon wane, an kafa turaku sun ratsa tsakiyar gonar wane. Daga nan zance ya koma majalisa. Wani ya ce titi za a faɗaɗa, wani ya ce layin dogo ne, wani ya rantse cewa ɗan'uwansa a ma'aikatar ƙasa ya faɗa masa za a biya kowa har ya yi murna. Kowa sai ya shiga lissafi a ransa, kuma lissafin iri ɗaya ne: nawa fili yake a unguwar nan yanzu, nawa maƙwabcina ya sayar da nasa bara. Wannan lissafin shi ne kuskuren farko, domin dokar da ake aiki da ita a Najeriya ba da shi take auna diyya ba.

Dokar ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na shekarar. Sashenta na farko ya damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, a matsayin amana da yake riƙe wa jama'a. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne haƙƙin zama da amfani. Ko kana da takardar shaidar mallaka da ake kira si-of-o, ko gonar gado ce tun kaka da kakanni ba ka da ko ƙyallen takarda, a idon doka kai mai riƙo ne. Mutanen Arewa ba su ji wannan a matsayin sabon abu ba, don tun 1910 Turawan mulki suka ayyana cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 kuma ta ɗora a kan haka. Abin da aka yi a 1978 shi ne shimfiɗa tsarin Arewa a kan ƙasar baki ɗaya. Aka kuma ɗaure dokar a jikin tsarin mulki, yau tana sashe na 315, yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Shi ya sa gwamnatoci ke zuwa suna wucewa, kowace ta ce za ta taɓa ta, har yanzu tana nan.

To idan ƙasar a hannun gwamna take, a lissafin doka ba saye yake yi ba in ya karɓe ta, soke haƙƙinka yake yi. Sashe na 28 ya ba shi wannan iko idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjayi taka: hanya, makaranta, asibiti, madatsar ruwa, layin wuta, tsara sabuwar unguwa, haƙar ma'adinai, shimfiɗa bututun mai. Musulmi ba ya jayayya da asalin wannan, don an san Sayyidina Umar ya sayi gidajen da ke kewaye da Ka'aba ya rushe lokacin da masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Ana iya karɓa don maslaha. Rigimar duk tana wajen yadda aka karɓa da abin da aka bayar.

Yadda ake karɓa yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne gwamnati ta fi faɗuwa a kotu. Dole sokewar ta fito a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, dole kuma a isar da sanarwar ga mai haƙƙin. Shela a rediyo ko jawabi a fadar hakimi ba sa maye gurbin wannan takarda. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Osho ta 1991, inda ta nuna cewa sokewar da ba a bi ƙa'idar sanarwa ba, ko wadda ba don amfanin jama'a aka yi ta ba, ba ta da tushe. Tun kafin dokar ma, a shari'ar Ereku ta 1974, kotun ta rushe karɓar wani fili a Warri saboda an karɓe shi ne aka miƙa wa kamfani mai zaman kansa. Saboda haka duk wanda aka shafa wa jan fenti, tambayarsa ta farko ita ce ina takardar, ta biyu kuma don wane aiki. Akwai wata sokewar dabam, wadda ake yi wa wanda ya karya sharuɗɗan takardarsa, misali ya ƙi biyan kuɗin ƙasa ko ya ƙi gina filin cikin wa'adi. Wannan hukunci ne, kuma doka ba ta tanadi diyya a kansa ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ke sashe na 29. Abin da ake biya shi ne darajar abin da mutum ya kashe kuɗi ko ƙarfinsa ya kafa a kan ƙasar, wanda amfaninsa bai ƙare ba a ranar da aka soke haƙƙin. Dokar ta lissafa irinsu: gini, katanga ko shinge, rijiya, hanya, aikin ban-ruwa, cike fadama ko kududdufi, itatuwa masu daɗewa, da amfanin gona da ke tsaye. Ta kuma fitar da noma na yau da kullum daga ciki. Wato takin da ka shekara ashirin kana kai wa gonar da jaki, har ta zama baƙar ƙasa mai ba da dami ɗari inda ta maƙwabcinka ke ba da arba'in, ba ya cikin lissafi.

Ita ƙasar kanta fa? A nan ne mutane ke riƙe baki. Abin da doka ta ce a biya a kanta shi ne daidai kuɗin ƙasa da mai riƙon ya biya gwamnati a shekarar da aka soke, in ya biya. Mai si-of-o a birni za a mayar masa da 'yan dubban da ya biya a shekarar. Manomin ƙauye da bai taɓa biyan kuɗin ƙasa ba, sifiri. Filin da ba a gina ba, ko da jiya ka saye shi miliyan goma da takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa, a tsantsar doka abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Ni a ganina wannan ita ce babbar ɓarakar dokar, domin ta rufe ido ga abin da kowa ya sani: ana sayar da fili kullum, gwamnati da kanta tana karɓar haraji a kan cinikin, banki yana karɓar takardar fili jingina, amma ranar karɓa sai a ce ƙasa ba ta da farashi.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman nawa ne na misali, na zaɓe su don lissafin ya fito fili, amma hanyar lissafin ita ce ake bi. A ce wani magidanci a gefen gari yana da gidan bulo mai ɗaki uku da falo, rufin kwano, da katanga da rijiya, bayan gidan kuma gona ce kadada guda da ya gada. Sabon titi ya cinye duka.

Ranar ƙidaya jami'an ƙiyasi za su zo da tef da fom, tare da wakilin dagaci. Za su auna tsawo da faɗin ginin daga waje, a ce ya ba da murabba'in mita 80. Za su rubuta irin kayan ginin: bulo ne ko tubalin ƙasa, an yi filasta ko ba a yi ba, daɓen siminti ne ko tayil, akwai silin ko babu, ƙofofin ƙarfe ne ko na katako, an ja wuta ko ba a ja ba. Waɗannan bayanai su ke nuna layin da gidan zai faɗa a jadawalin farashin ofis. A ce jadawalin ya ce gina irin wannan gida sabo yana cin naira 120,000 kowane murabba'in mita. Sau 80, ya zama naira miliyan 9 da dubu 600. Wannan shi ne kuɗin sake gini.

Amma ba shi za a ba shi ba, don doka ta ce a cire tsufa. Idan gidan ya shekara 15, jami'in kuma ya ɗauka irinsa yana shekara 60, to ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na rayuwarsa, sai a zabge kashi 25 cikin ɗari. Miliyan 2 da dubu 400 sun tafi, saura miliyan 7 da dubu 200. Katanga mita 60 a kan naira 25,000 kowace mita ta ba da miliyan ɗaya da rabi, bayan cire tsufa ta koma miliyan 1 da dubu 125. Rijiyar da aka ƙiyasta dubu 400 ta koma dubu 300. A lura, shekarun rayuwar gini da yawan abin da za a cire ba a rubuce suke a dokar ba, hukuncin jami'in ne. Wani ya dubi tsagewar bango ya ce kashi 40, wani ya ce 20. A gidan da muke magana, tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ta kusa miliyan biyu, kuma a tsaye ake yanke ta cikin mintoci, wani lokaci mai gidan yana can yana neman wa baƙi ruwan sha.

Itatuwa kuma ƙirga su ake yi ɗaya-ɗaya, a kasa su gida uku: wanda ya isa haihuwa, wanda bai isa ba, da dashe. An saba ba na farko cikakken farashi, na biyu wajen rabi, na uku wajen kwata. A ce mutuminmu yana da mangwaro shida manya a kan dubu 50, huɗu matasa a kan dubu 25, da ɗorawa uku a kan dubu 40. Jimla dubu 520. Masarar da ke tsaye a kadada guda, a ce dubu 400. Ita gonar, babu. Idan aka tara gida da katanga da rijiya da itatuwa da masara, diyyarsa ta kama naira miliyan 9 da dubu 545.

Kuɗi ne mai kauri a kunne, kuma ranar da aka faɗa masa zai iya yin hamdala. Sai ya fita neman inda zai koma. Sake gina gida da katanga da rijiya irin nasa miliyan 11 da rabi ne a farashin ofis ɗin kansa, don ba a sayar da tsohon bulo da ragin kashi 25 a kasuwa. Filin da zai gina a kai, a ce miliyan 4, tunda labarin titi ya riga ya tayar da farashin yankin. Tun bai yi maganar gona ba, yana neman kusan miliyan shida da ba shi da su. Gonar kuwa, wadda ita ce ke ciyar da gidan, an biya shi amfanin damina ɗaya an ɗauke ta har abada. Da a ce a watan Maris aka zo ƙidaya, lokacin da babu komai a gonar sai kara, ko dubu 400 ɗin ba zai gani ba. Gona ɗaya, mutum ɗaya, amma watan da mota ta kawo jami'ai ya canza abin da zai samu.

Maganar itace ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don a ƙasar Hausa itace dukiya ce da ba a cika lissafa ta ba sai an rasa. Ɗorawa guda tana ba mace kalwar daddawa da garin ɗorawa shekara da shekaru. Kuka tana ba da miya, kaɗanya tana ba da man kaɗe, giginya tana ba da muruci da azara. Hanyar da ta dace a auna irin wannan ita ce a duba abin da itacen ke kawowa a shekara, a cire wahalar da ake yi masa, a ninka da shekarun da sabon dashe zai ɗauka kafin ya kama haihuwa. Jadawalin gwamnati kuwa farashi guda yake yankewa, kuma yakan tsufa a aljihun tebur. Wanda aka riƙa amfani da shi a ayyukan tarayya an tsara shi a 2008, aka yi ta aiki da shi har 2024, lokacin da ma'aikatar gidaje ta tarayya ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa ta sanar da sabo. A sanarwar, babban mangwaro a shiyyar Arewa ta Tsakiya ya tashi daga naira 4,000 zuwa 105,000. Wannan tsalle kaɗai ya isa shaida kan irin kuɗin da aka riƙa ba mutane a shekarun da ke tsakani. Jihohi kuma kowace da nata jadawalin, ba dole ne sabon na tarayya ya hau kansu ba, don haka mai itace ya tambayi wane jadawali ake amfani da shi, na wace shekara.

Bayan ƙidaya sai jira, kuma jira yana cin diyya fiye da cire tsufa. Ana ƙiyasi ne da farashin ranar sokewa, biya kuwa sai kuɗi ya fito, wata shida, shekara biyu, wani lokaci gwamnati ta sauka wata ta hau. Buhun simintin da ake saya ƙasa da naira dubu biyar a farkon 2023 ya kai wajen dubu goma a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Wanda aka auna gidansa kafin wannan aka biya shi bayansa, rabin gida aka ba shi. Doka ta ce a ƙara kuɗin jinkiri a kan diyyar gini gwargwadon ruwan banki, sashe na 44 na tsarin mulki kuma ya ce a biya diyya ba tare da ɓata lokaci ba. A aikace da wuya ka ga an saka wannan ƙari ba tare da an nema a rubuce ba, wasu kuma sukan bar shi da kansu saboda ƙyamar kuɗin ruwa. A Jamhuriyar Nijar ƙa'idar da ke rubuce ita ce a biya diyya ta adalci tukuna kafin a karɓa. Ko can aiki bai cika bin rubutu ba, amma aƙalla mai gona yana da abin da zai nuna ya ce katafila ta dakata.

Wa ake ba kuɗin? Wannan tambaya ta raba zumunci da yawa. Fom ɗin ƙidaya suna ɗaya yake ɗauka, gonar gado kuwa mai yiwuwa ta mutum goma sha biyu ce da ba a raba musu ba. Babban wa ya tsaya a rubuta sunansa, kuɗi ya faɗa asusunsa, ƙannensa mata da ke gidajen aure su ji labari a bakin duniya. Wanda ya karɓi gona aro ko jingina ko haya shi ya shuka abin da ke tsaye, shi ya kamata ya karɓi kuɗin amfanin, mai gonar ya karɓi na itatuwa, amma in ba a bambance ranar ƙidaya ba sai ƙarfi ya yi aiki. Ɗan haya a shago ba shi da komai a sashe na 29, duk da cewa cinikinsa ne ya mutu. Makiyayin da burtalinsa ko mashayarsa ta shiga aikin bai kafa komai a ƙasa ba, don haka doka ba ta gan shi ba sam. Inda ƙasar ta al'umma ce, dokar ta ba gwamna zaɓi ya biya al'ummar, ko shugabanta, ko ya zuba a wani asusu don amfaninsu, kuma kowa ya san abin da kan faru da kuɗin jama'a in ya kwana a hannun mutum ɗaya.

Gaskiya kuma, ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin titi, sai ka ga gine-gine sun tsiro cikin dare, bulo huɗu-huɗu ba tushe, an dasa 'ya'yan mangwaro ɗari a fegi guda, har da kaburburan da babu kowa a ciki. Sunayen da ba su da ko taku ɗaya a wurin su shiga jerin, da haɗin bakin wasu na ciki. Tunda kasafin diyya ba ya ƙaruwa, kuɗin na boge daga kason masu gaskiya yake fita. Maganin da ake yi wa wannan shi ne sa ranar rufewa, a ɗauki hoto, duk abin da aka kafa bayanta ba a biya. Mai gaskiya ma ya kiyaye wannan rana, kada ya ci gaba da ginin da ya fara yana zaton za a ƙara masa.

Wanda bai yarda da abin da aka yanka masa ba, doka ta ce ya kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha, wanda gwamnan da ya karɓi filin shi ya naɗa shi. Sashe na 47 ma ya ce kotu ba ta da hurumin duba yawan diyya ko isarta. Sai dai wannan ya ci karo da tsarin mulki, wanda ya ba duk wanda aka karɓi dukiyarsa damar zuwa kotu kan haƙƙinsa da kan adadin kuɗin, kuma a 1986, a shari'ar Kanada da gwamnan Jihar Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsarin mulki ne a sama. Ƙofar kotu a buɗe take ke nan. Amma a san iyakarta: alƙali zai iya gyara awon da aka yi ba daidai ba, ko itatuwan da aka tsallake, ko sokewar da ba ta bi ƙa'ida ba, ba zai ƙirƙiro wa ƙasa farashin da doka ta hana ta ba. Shari'a kuma tana cin shekaru da kuɗi, kuma ƙarar hukuma tana da wa'adi, wanda ya yi nawa sai a kore ta tun ba a saurare shi ba.

Akwai hanyoyi biyu da ke rage zafin, duk da ba su cika ba. Ta farko musanya ce. Idan ƙaramar hukuma ce ta karɓi gona, sashe na 6 ya wajabta mata ba manomin wata gonar. Idan gidan zama ne, gwamna na iya ba da wani matsuguni maimakon kuɗi, sai dai wanda ya karɓa ya yafe sauran diyya, in kuma sabon ya fi tsohon daraja ana iya mayar da bambancin bashi a kansa. A Kano da wasu jihohi an saba, in an yanka gonaki an yi sabuwar unguwa, a mayar wa masu gonakin wani kaso na filayen. Wannan ya fi kusa da adalci, tunda manomi yana cin wani abu daga darajar da wurin ya samu. Inda yake lalacewa shi ne a ba mutum takarda ba a nuna masa fili ba, yunwa ta matsa, dillali ya saye takardar a arha, bayan shekara uku a sayar da filin ninki goma.

Ta biyu ita ce aikin da Bankin Duniya ya sa kuɗi a ciki. Sharaɗinsa shi ne a biya cikakken kuɗin maye gurbi ba tare da cire tsufa ba, a lissafa ƙasar kanta, a taimaka wa ɗan haya da wanda ba shi da takarda, kuma a biya kafin a tashi mutum. Shi ya sa za ka ga ƙauyuka biyu maƙwabta, ɗaya aikin gyaran zaizayar ƙasa na bankin ya taɓa shi, ɗaya titin jiha, gidaje iri ɗaya amma diyya kamar sama da ƙasa. Jami'an jiha ɗaya ne ke aiwatar da duka biyun. Ashe ba iyawa ce ta gagara ba.

Abin da ke faruwa in aka yi sakaci da wannan lamari, mutanen Talata Mafara sun gani. Madatsar Bakolori da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Kogin Sakkwato a shekarun 1970 ta tashi dubban mutane, aka kuma karɓi gonaki don baje su a yi aikin ban-ruwa. Manoma suka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba, ga rigimar kuɗin itatuwa da amfanin gona, ga rikicin wa za a mayar wa wace gona. Suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da yawa, har yau alƙaluman gwamnati da na mutanen yankin ba su haɗu ba. Abin da suka nema bai wuce a ƙirga nasu daidai a biya su kan lokaci ba.

Idan za a gyara dokar, wurare uku ne a ganina: a sa wa ƙasa farashin kasuwa ko a ba da wata a madadinta, a daina cire tsufa ga gidan da mutum ke ciki tunda ba shi ya nemi sayarwa ba, a kuma hana katafila shiga sai kuɗi ya shiga hannu. Kafin a kai can, wanda aka shafa wa jan fenti ya san cewa diyyarsa ranar ƙidaya ake yanke ta, ranar biya karɓa kawai zai yi. Ya kasance a wurin da kansa, ya bi mai tef ɗaki-ɗaki, ya nuna masa salga da rumbu da sokawe da turken dabbobi, ya ƙirga itatuwansa da baki a gaban shaidu, ya ɗauki hoton komai da wayarsa har da fom ɗin bayan an cike. Magada su zauna tun kafin ranar su rubuta wanda zai wakilce su da kason kowa, mata da maza. In dukiyar tana da yawa, mutanen unguwa su haɗu su ɗauki ƙwararren mai ƙiyasin kadara mai rajista ya tsaya musu, su yi yarjejeniyar ladansa a rubuce, don an saba yana ɗaukar wani kaso na abin da aka biya. Kuma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ke cewa ya karɓi cikakken haƙƙinsa sai an karanta masa ita da Hausa, ya ji adadin da kunnensa.